"Labari Ka Ba Ni, Ina Nazarin?": Tambayoyi da Amsoshi kan Gyaran Jingar Adabi

Waɗannan tambayoyi su ne ɗalibai masu karatun Hausa a manyan makarantun Bauchi da Gombe suke maimaitawa kowane zango, galibi a ranar da aka mayar musu da jinga ko babin kundi, jan biro ya ratsa shafi daga sama har ƙasa. Misali ɗaya za a bi kusan ko'ina, wato tatsuniyar Gizo da hankaki, kamar yadda wata ɗaliba ta ɗauko ta daga bakin wata tsohuwa a Azare don jingar adabin baka. Wanda ƙagaggen labari aka ba shi, hanyar ɗaya ce, ya kuma duba tambaya ta 11.

1. Malam, me ake nufi in an ce labari na bayar ba nazari ba? Ai duk abin da na rubuta yana cikin matanin.

Nan matsalar take. Duk abin da ka rubuta yana cikin matanin, kuma babu abin da ka ƙara a kai. Mai ba da labari yana amsa tambayar "me ya faru, sannan sai me?" Mai nazari kuwa yana amsa "me ya sa aka shirya abin haka, kuma me shirin ya haifar?" Malamin da zai duba takardarka ya san labarin, mai yiwuwa ya fi shekara goma yana koyar da shi. Abin da bai sani ba shi ne abin da kai ka hango a ciki, kuma a kan wannan yake ba da maki.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne wannan. Ɗauki jimla ɗaya daga rubutunka ka tambayi kanka: wanda ya san matanin sarai zai iya cewa "ban yarda ba"? In ka rubuta "Hankaki suka ara wa Gizo fuka-fukai", ba mai musu, domin haka aka yi. In ka rubuta "Aron fuka-fukan ne ya mai da hukuncin Gizo mai sauƙi, domin hankaki ba su taɓa lafiyarsa ba, kayansu kawai suka karɓe", to ga maganar da wani zai iya ja da ita, kai kuma dole ka kawo hujja. Jimlar da ke neman hujja ita ce nazari.

2. Yaya zan gane da kaina tun kafin in miƙa?

Sami biro mai launi daban, ka bi daftarin jimla-jimla kana yin abu biyu. Na farko, zagaye duk "sai", "daga nan", "bayan haka", "da gari ya waye". Waɗannan kalmomi su ne ke jan labari gaba, kuma in ka ga sun jeru shida ko bakwai a sakin layi ɗaya, tatsuniya kake yi wa malam. A rubutun nazari wasu ne ke cika shafi: "domin", "saboda haka", "amma", "wannan ya nuna", "da a ce".

Na biyu, ja layi ƙarƙashin wanda ya aikata aikin a kowace jimla. In kullum Gizo ne, Gizo ya je, Gizo ya ce, Gizo ya faɗa ruwa, kana cikin labarin tare da shi. In ka fito waje za ka ga masu aikin sun sauya: tsohuwar ta maimaita, tatsuniyar ta jinkirta, marubucin ya ɓoye, wannan fitowa ta warware waccan. Ɗalibar da muke misali da ita ta yi wannan gwaji a kan shafi huɗu, jimla biyu kacal ta samu da ba Gizo ko hankaki ko kada ne masu aiki a cikinsu ba, kuma duka biyun suna cikin kammalawa.

3. To ba a taƙaita labarin ke nan sam?

Ana taƙaitawa, sau ɗaya, a wuri ɗaya, bayan gabatarwa. A jinga mai shafi biyar kada ya wuce sakin layi guda. Ga wanda ya ishi tatsuniyarmu: "Ana yunwa, hankaki na samun ɓaure a wata bishiya da ke tsakiyar ruwa. Gizo ya gano haka ta hanyar zuwa ɗiban wuta gidansu, ya roƙa suka tafi da shi da aron fuka-fukai. A kan bishiya ya hana kowa ci, suka karɓe fuka-fukansu suka bar shi, ya faɗa ruwa. Can ya tarar da kadoji, ya ce shi ɗan'uwansu ne da ya ɓata, suka sauke shi a ɗakin ƙwai, ya cinye ƙwan, ya kuma sa ɗayansu ya ƙetarar da shi kafin asiri ya tonu."

Daga nan ba ka ƙara bin labarin a jere. Duk lokacin da ka koma gare shi, don ɗauko hujja ne, jimla ɗaya ko biyu, sannan ka dawo bakin maganarka. Dalilin yin taƙaitawar ma a adabin baka ya fi ƙarfi, tun da tatsuniya tana da sigogi, wadda aka ji a Azare ba lallai ta yi daidai da ta Kumo ko Dukku ba, kuma malam yana bukatar sanin wacce ke hannunka.

4. Na fa rubuta jigo. Na ce jigon shi ne "kwaɗayi mabuɗin wahala". Bai wadatar ba?

Wannan ita ce jimlar da ta fi yawa a takardun ɗalibai kan tatsuniyoyin Gizo, kuma kusan kullum a layin ƙarshe take zuwa, bayan an gama zuba labari. Aibinta biyu. Na ɗaya, za ta hau kan tatsuniya hamsin ba tare da an sauya mata ko wasali ba, don haka ba ta faɗi komai a kan wannan ɗin ba. Na biyu ya fi muni: matanin da kansa ya ƙaryata ta. Dubi ƙarshen labarin a amsa ta 3. Gizo ya ci ɓaure, ya ci ƙwai, an goya shi an kai shi gaɓa, ya koma gida cikinsa fal. Wahalar da ya sha ta faɗawa ruwa ce, kuma ita ce ma ta kai shi ga abinci na biyu. Waɗanda suka yi asara su ne masu kirki.

Ɗalibar ba ta ga wannan ba domin ta zo da karin maganarta a hannu tun kafin ta saurari tsohuwar da kyau. Jigo na kalma ɗaya ko biyu, irin su kwaɗayi, yaudara, haƙuri, sunan fagen da za a yi magana ne kurum. Abin da ake nema shi ne matsaya: cikakkiyar jimla mai faɗin abin da wannan matani ya yi da kwaɗayin. Yadda ake samo ta yana amsa ta 5.

5. Daga ina zan samo wannan matsaya? Ni in na karanta labarin kawai nake gani.

Daga abin da ya maimaitu, da abin da ya ba ka mamaki. Koma ga matanin, ka ajiye daftarinka gefe tukuna, ka ɗauki takarda ka raba ta gida uku: abin da aka yi, ta wace hanya aka yi shi, me ya sa ɗaya ɓangaren ya bari. Da aka sa ɗalibar ta cike wannan a kan duk wurin da Gizo ya sami wani abu, ga abin da ya fito. Ya shiga gidan hankaki da sunan ɗiban wuta. Ya hau bishiya da aro. Ya shiga gidan kada da sunan zumunci, ya kwana a ɗakin ƙwai da sunan baƙunci. Ya ƙetare ruwa da sunan rakiya.

Da ta jera su haka, ita da kanta ta ce, "Malam, ai bai taɓa ƙwace komai ba, duk ba shi aka yi." To ga bakin zaren. Wuta, aro, zumunci, saukar baƙo, rakiya, duk abubuwa ne da Bahaushe ke jin kunyar hanawa. Sai matsayarta ta zama: "A wannan tatsuniya Gizo ba ya amfani da ƙarfi ko sata a ɓoye; yana shiga ne ta ƙofar al'adun taimakon juna waɗanda kara ba ta bari a rufe, kuma tatsuniyar ta fi nuna raunin masu kara fiye da hukuncin mai kwaɗayi."

Lura da cewa wani zai iya musanta wannan, ya ce ai manne ɓaure a jiki a fita da shi, kamar yadda Gizo ya yi a gidan hankaki, sata ce tsagwaronta. Madalla, an sami abin tattaunawa, kuma amsa ta 10 ta nuna yadda ake yi da irin wannan suka. Lura kuma ba daga wani littafin ra'i aka ɗauko matsayar ba. Daga jera abubuwa biyar aka same ta, da tambayar me ya haɗa su.

6. Sai in yaga tsohon daftarin in sake sabo?

Kada ka yaga, amma kada ka yi ƙoƙarin yi masa kwaskwarima. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar labarin yadda yake, a riƙa liƙa "wannan ya nuna mana illar kwaɗayi" a gindin kowane sakin layi. Malam zai gane daga shafin farko, domin har yanzu jerin labarin ne ke jan rubutun.

Tsohon daftari rumbu ne, ka shiga ka ɗebi abin da za ka dafa yau ka bar saura. Bi shi da matsayarka a hannu, ka sa alama a duk wurin da zai zama hujja. A shafi huɗun ɗalibar an sami wurare shida. Ragowar, irin yadda Ƙoƙi ta yi ta yi wa Gizo mita, da yadda ya ƙosa gari ya waye har ya riƙa tashin hankaki tun tsakar dare, ba su shiga sabon rubutun ba duk da daɗinsu. Ka kuma duba kammalawar tsohon daftarin da kyau. Sau da yawa a nan ɗalibi yake fara tunani, bayan ya gaji da ba da labari, kuma jimlar da ta kamata ta buɗe sabuwar jinga tana kwance a layin ƙarshe na tsohuwar.

7. A nuna mini sakin layi ɗaya, yadda yake da, da yadda ya koma.

Ga na farko: "Sai Gizo ya je gidan hankaki ya ce a ba shi wuta. Sai ya shafa danƙo a gindinsa ya zauna a kan ɓaure, ɓauren ya manne. Da ya fita sai ya cinye, ya kashe wutar ya sake dawowa ya ce ta mutu a hanya. Haka ya yi har sau uku. Daga nan sai hankaki suka gane. Wannan ya nuna Gizo makwaɗaici ne." Jimla shida, biyar labari, ta shida kuma abin da yaro ɗan shekara bakwai ya riga ya sani.

Ga na biyu: "Ƙofar farko da Gizo ya bi ita ce wuta, kuma zaɓenta ba banza ba ne. A gidajen da ake hura murhu da garwashin maƙwabta, wuta aba ce da ba a saya, ba a kuma hana wanda ya zo nema, don haka mai ɗibarta yana shiga har tsakar gida ba tare da an tambaye shi dalili ba. Tsohuwar ta maimaita zuwan sau uku da kalmomi kusan iri ɗaya, amma a na uku ta ƙara da cewa, 'Hankaki suka dubi juna, ba wanda ya ce uffan.' Wannan ƙari ya nuna sun riga sun gane, kuma ganewar ba ta hana su miƙa garwashin ba. Ke nan abin da ya ba Gizo nasara a nan ba gwanintar dabararsa ba ce, tun da an gano ta. Nauyin baki ne na masu gida, waɗanda suka gwammace asarar ɓaure da a ce sun hana maƙwabci wuta."

Dubi yadda aka gina shi. Jimlar farko da'awa ce, kuma reshe ce ta matsayar da ke amsa ta 5. Ta biyu ta kawo abin da mai karatu ke bukata daga al'ada. Ta uku ce kaɗai ta taɓa labarin, ita ma ta fuskar abin da mai ba da shi ta yi. Ukun ƙarshe sun zauna a kan layi ɗaya na tsohuwar suna tatsarsa. Danƙo da zaman kan ɓaure, waɗanda suka cika sakin layin farko, ba su ma fito ba, domin ba su ne hujjar wannan da'awa ba.

8. In ban bi labarin daga farko zuwa ƙarshe ba, da me zan tsara jingar?

Da rassan matsayarka. Ɗalibar ta yi sassa uku: ƙofofin da Gizo ya bi, abin da ya hana masu gida rufe su, da bambancin abin da hankaki suka iya yi da abin da kadoji suka kasa. A sashe na biyu ta ajiye shirun hankaki kusa da shirun kadoji, lokacin da suka ji ƙarar fashewar ƙwai a wuta cikin dare aka ce musu baƙo ne ya yi tusa, manya suka tsawata wa yara kada su kunyata baƙo. Waɗannan wurare biyu suna nesa da juna a labarin, ɗaya a farko ɗaya kusa da ƙarshe. Wanda ke bin jeri ba zai taɓa haɗa su a sakin layi ɗaya ba, alhali haɗa su ne ya fito da hujja mafi ƙarfi a jingar.

Don ka tabbatar, kwafe jimlar farko ta kowane sakin layi a takarda daban ka karanta su a jere. In sun ba da labarin, ba a gyara komai ba. In sun ba da muhawara mai hawa-hawa, an kama hanya. Wani lokaci jerin hujja yakan dace da jerin labari, misali in kana nuna yadda ƙaryar Gizo ke ƙara girma daga wuta zuwa zumunci. Wannan ba laifi, muddin girman ƙaryar ne ke jan sassan.

9. Amma an koya mana jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo, taurari. Warwarar jigo ba bin labarin ba ne? Salo kuma ba jera adon harshe ba ne?

Waɗannan kanun suna da amfani, kuma in malaminka ya ce a bi su, bi su. Sai dai kowannensu yana da ramin da ɗalibai ke faɗawa. A warwarar jigo akan sake ba da labarin. A taurari akan sake ba da shi karo na biyu, wannan karon mutum-mutum: Gizo shi ne wanda ya yi kaza, kada shi ne wanda aka yi wa kaza. A zubi da tsari akan ƙirga babi ko a ce an buɗe da "ga ta nan ga ta nanku" an rufe da "ƙurunƙus", a wuce. Warwara tana nufin ka nuna zaren da aka saƙa jigon da su, inda kowanne ya shiga da inda ya fita. Matsaya ɗaya ce za ta ratsa duk kanun, kowane kai yana kawo mata hujja irin tasa.

Salo ya fi kowanne shan wahala. Ɗalibi zai rubuta "an yi amfani da mutuntarwa, an yi amfani da maimaici, an yi amfani da karin magana", ya kawo misali ɗai-ɗai, ya ɗauka ya gama. Sanya wa abu suna rabin aiki ne ma bai kai ba. Ɗauki tsamin bakin Gizo, wanda duk mai ba da tatsuniya yake kwaikwayo. Faɗin cewa yana da tsamin baki labari ne. Amma in ka lura cewa wannan magana tasa irin ta ƙananan yara tana sa a raina shi, a ɗauke shi abin tausayi, kuma tsohuwar ta fi kaurara ta daidai lokacin da yake kuka gaban kadoji yana cewa shi ɗansu ne, to ka mai da salo hujja: harshen da ke ba masu sauraro dariya shi ne ke kwance wa kadoji ɗamara.

10. Na sami wurin da ya saɓa wa matsayata. In ɓoye shi?

Kada ka kuskura. Malam ya san wurin, kuma shi zai fara nema. A tatsuniyarmu wurin shi ne kan bishiya: hankaki sun yi fushi, kowa ya zare gashinsa, suka tashi. Ina karar take a nan? Da ɗalibar ta tsallake wannan, da jingar ta rushe da tambaya ɗaya.

Abin da ta yi shi ne ta tsaya a kansa ta tambayi me ya bambanta shi da sauran. Ta ga cewa aro ne kaɗai a cikin ƙofofin biyar yake da hanyar komawa: mai kaya yana da ikon karɓar kayansa ba tare da an zarge shi ba. Wutar da aka bayar ba a karɓo ta, baƙon da aka sauke ba a kore shi da dare, wanda aka amsa ɗan'uwa ne ba a tuhumarsa. Shi ya sa hankaki suka sami mafita, kadoji ba su samu ba. Sai ta gyara matsayar ta ƙara mata wannan sharaɗi, kuma sashe na uku na jingar gaba ɗayansa daga wannan cikas ya fito. In kuwa wuraren da suka saɓa sun fi waɗanda suka dace yawa, matsayar ce ba daidai ba, koma amsa ta 5 ka sake jeri.

11. Wannan tatsuniya ce gajeriya. Ni littafi guda aka ba ni, Shaihu Umar. Yaya zan yi?

Littafi mai tsawo ya fi jan mutum zuwa ba da labari, wannan kuwa musamman, domin tafiya ce daga gari zuwa gari: Kagara, Kano, ƙetaren hamada, sannan dawowa. Ɗalibi yakan bi ayarin tun daga ƙazafin da fadawa suka yi wa Makau, mijin mahaifiyar Umar, har guguwar rairayi, shafi takwas sun ƙare bai ce komai ba. Ƙari a kan haka, ɗaliban Bauchi sukan cinye shafi biyu a tarihin marubucin, Abubakar Tafawa Ɓalewa, da gasar rubutu ta 1933, da fitowar littafin a 1934, da zamansa Firayim Minista. Layi uku sun isa, sai fa in tarihin zai zama hujja a wata da'awa.

Maganin shi ne ka rage fage. Kada ka yi nazarin littafin duka, yi nazarin abu ɗaya da ke ratsa shi, da wurare uku ko huɗu. Ga misali daga zubinsa. Labarin yana fitowa ne daga bakin Umar da kansa, bayan ya zama babban malami a Rauta kusa da Bauchi, yana ba almajiransa. Wannan zaɓi yana da sakamako. Tun shafin farko mai karatu ya san yaron da za a sace zai tsira har ya ɗaukaka, don haka ba fargabar "zai rayu?" ke riƙe da shi ba. Sannan duk abin da aka faɗa game da bauta ta bakin wanda ƙaddara ta yi wa kyau aka ji shi. To mahaifiyarsa fa, wadda ta fita nemansa ita ma aka bautar da ita, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu? Ajiye tafiyar ɗa kusa da tafiyar uwa, ka tambayi me ya sa hanya iri ɗaya ta kai ɗaya ga malanta ta kai ɗaya ga kabari, kuma wa aka ba bakin faɗa. Ga jinga ta samu, ba tare da ka raka ayari zango-zango ba.

Akwai ma wata tambayar a ciki: Umar yana ba da labarin abubuwan da suka faru yana ƙaramin yaro, da waɗanda suka sami mahaifiyarsa ba ya nan. Wanda ya bi wannan ya duba yadda littafin ya yi da gibin, zubi da tsari yake nazari na gaske.

12. Nawa zan ɗauko daga matanin kai tsaye? Kuma in gyara Hausar tsohuwar?

Ɗauko kaɗan, ka yi magana mai yawa a kai. Abin da nake gaya wa ɗalibai shi ne duk layi ɗaya da ka ɗauko, ka biya shi da layi biyu ko uku naka, kamar yadda aka yi a amsa ta 7. Dogon ambato mai rabin shafi wanda aka bi da "wannan ya nuna gwanintar marubucin" ba da labari ne ta bayan gida. Ka ɗauko kalmomin matani ne in kalmomin da kansu ne hujja. In abin da ya faru ne hujja, faɗe shi da bakinka a jimla ɗaya. In littafi ne sa lambar shafi, in daga baki ne faɗi garin da ranar da aka ɗauka.

Hausar mai ba da labari kuwa ba a taɓa ta. In tsohuwar Guddiranci take yi, ko Bausanci, ko Hausar Gombe mai gaurayen Fulatanci, rubuta yadda ta faɗa. Bayaninka ne zai zo da daidaitacciyar Hausa. Ka kuma ja kunnen mai buga maka a shago, domin wasunsu sukan "gyara" abin da suka ɗauka kuskure ne, su kuma zubar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. Karanta abin da aka buga kafin a haɗa shi.

13. Malaminmu ya ce sai an ɗora aikin a kan ra'i. Shi ba zai mai da shi nazari ba?

Ba zai mayar ba shi kaɗai. Ana yawan ganin kundi mai shafi biyar na bayanin ra'i, sannan babi na huɗu ya zo labari zalla, ra'in bai ƙara leƙowa ba sai a kammalawa. Ra'i tambayoyi yake ba ka da za ka yi wa matani. In ka zaɓi mai duba matsayin mata, zai sa ka tambayi me ya sa Ƙoƙi ke gida kullum, ko me ya sa muryar mahaifiyar Umar ta bakin ɗanta take fitowa. Amsar kuwa daga matanin za ta fito, ta hanyar da aka nuna a amsa ta 5. Fara samo abin da ka lura da shi, sannan ka zaɓi ra'in da zai ƙara masa kaifi.

14. Da na cire labarin, shafi huɗuna sun koma ɗaya da rabi, an kuma ce biyar ake so. Da me zan cike?

Haka yake faruwa ga kowa, kuma shafi ɗaya da rabin nan su ne ainihin abin da kake da shi tun farko. Kada ka mayar da abin da ka cire. Koma kan kowace hujja ka yi mata tambaya uku a rubuce. Da an yi abin ta wata hanya, me zai sauya? Misali, da Gizo ya shiga gidan hankaki da dare ta kan katanga, da tatsuniyar ta zama ta ɓarawo, masu gida kuma ba su da laifin komai. Ina kuma aka sake yin irinsa a matanin? Wa zai ƙi yarda da fassarata, kuma me zan ce masa? Amsar kowacce sakin layi ce.

Ɗalibar ta ƙara abu ɗaya da ya cika mata shafi guda: ta nemi wata ƙawarta 'yar Misau ta ba ta tatsuniyar yadda ta ji ta a gida. A waccan sigar babu zuwa ɗiban wuta sam, Gizo ya tsinci ɓaure ne a ƙasa ya bi sawu. Sai ta kwatanta biyun, ta nuna cewa sigar Azare ta fi dogara ga kara, ta kuma taƙaita da'awarta ga sigar da ta ɗauka maimakon ta ce haka tatsuniyar take ko'ina. In lokacinka ya ƙure ba ka sami siga ta biyu ba, shafi huɗu masu hujja sun fi biyar da aka cike da labari. Je ka ga malamin kafin ranar miƙawa, da jerin jimlolin farko na sakin layukanka da aka ambata a amsa ta 8, ka tambaye shi wane sashe yake ganin ya fi bukatar faɗaɗawa.